7805 ɗina na zafi kamar dutsen guga, ina matsalar take?

Yaron Shago: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah ina neman taimako. Ina da batirin sola na bolt 12 a ɗaki, sai na ce bari in haɗa ƴar fankar USB da shi saboda zafin nan, fankar bolt 5 take ci, na sa regileta 7805 mai sauke boltej zuwa 5 a tsakani kamar yadda na ga ogana na yi. Tana tashi lafiya lau, mita na nuna 5.0 a waje, amma ko minti biyu ba a yi sai regiletan ya yi zafin da ba ka iya taɓa shi, wallahi har ya tasar min bororo a ɗan yatsa, sai fankar ta fara rage gudu ta tsaya, in na bar shi ya huce ta sake tashi. Na canza guda uku duk haka suke yi. Jabu aka sayar min ko ni ne na haɗa ba daidai ba?

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Jabu ne kawai, kasuwa ta cika da su yanzu. Ai 7805 yana ɗaukar har bolt 35 a shiga kuma yana ba da am 1, to ina ƴar fanka za ta wahalar da shi

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Mai Sola kar ka yi saurin yanke hukunci. Jabu akwai su, ba na musu, amma wanda yaron nan ya kwatanta halin na gaske ne, na jabu sau da yawa ƙonewa yake ya huta, wannan kuwa kashe kansa yake in ya yi zafi ya dawo in ya huce, kariyar da ke cikinsa ce ke aiki. Yaro, abu biyu nake so ka auna min. Bolt nawa ne a ƙafar farko lokacin da fankar ke juyawa, sannan ka yanke wayar fankar ka sa mita a tsakani ka gaya min am nawa take ja. Kuma ka ɗaura shi jikin ƙarfe ko haka ka bar shi tsirara?

Yaron Shago: To Baba na auna. Shiga 13.0 ne don akwai sauran rana a fanel, fankar kuma tana jan 0.48. Ban ɗaura shi a komai ba gaskiya, yana lilo ne a jikin waya na naɗe ƙafafun da salatif

Baba Mai Rediyo: Madalla, ga amsarka nan a hannunka. Mu ce rabin am don lissafi ya yi sauƙi. Bolt 13 ya shiga, bolt 5 ya fita, to ina 8 ɗin ya tafi? Bai koma batir ba, bai ɓace a iska ba. Yana nan zaune a kan regiletan, tsakanin ƙafar farko da ta uku. Sa bakin mita ɗaya a ƙafar shiga ɗaya a ƙafar fita za ka ga 8 da idonka. Kuma rabin am ɗin nan da fanka ke ja, ta cikin jikinsa yake ratsawa kafin ya isa gare ta. Duk abin da wuta ke ratsawa kuma akwai bolt a kansa, ka ninka su biyun ka sami wat.

```
P = (Vin − Vout) × I
P = (13 − 5) × 0.5 = 4 W
```

Fankarka 5 sau 0.5 take ci, wat 2.5 kenan. Shi kuma mai gadin nata yana cin wat 4. Ita tana mayar da nata iska, shi ba shi da abin da zai yi da nasa, ba ya juyawa ba ya haske, sai zafi kawai.

Mai Sola: Baba a nan ban yarda ba. Ai in ka sauke boltej to am ƙaruwa yake, kamar taransifoma. In fanka ta ja rabin am a bolt 5, daga batir kusan 0.2 kawai za a ja, wat ɗin ɗaya ne. Haka muke lissafi kullum a wajen aiki

Ɗalibar Foli: Yaya Mai Sola wannan lissafin na taransifoma ne da kombata masu kunna-kashe, su ne ke musanya bolt da am. 7805 ba ya musanya komai. Mun yi shi a ɗakin gwaji, mita ɗaya a shiga ɗaya a fita, lambobin kusan ɗaya suke fitowa, na shiga ya ɗan fi da miliam 5 haka, wanda shi regiletan ke ci don kansa yana zubarwa ta ƙafar tsakiya. Yaron Shago ka mayar da mitar wajen wayar batir ka gani

Yaron Shago: Anti gaskiyarki, 0.49 ya nuna a ɓangaren batir

Mai Sola: To na ji. Ni na saba da caj kontirola na sola ne shi ya sa

Baba Mai Rediyo: Ba laifi, kowa da inda ya saba. Bari in ba ku misalin da nake ba yarana a shago. Ka hau keke kana gangaro tudu da kaya a baya, kana so ka riƙe gudu ɗaya kar ya wuce kar ya ragu. Me za ka yi? Birki za ka riƙe, in gangaren ya yi tsanani ka ƙara matsewa, in ya yi sauƙi ka sassauta. In ka sauko ƙasa taɓa rim ɗin ka ji. To a cikin 7805 akwai taransista da ke zaune tsakanin shiga da fita, shi ne birkin. Akwai kuma wani ɗan sashe da ke leƙen ƙafar fita kullum yana gwada ta da wani boltej tsayayye da ke ciki, in fita ta so hawa sama da 5 sai ya ƙara matse taransistan, in ta so sauka ya sake shi kaɗan. Taransistan nan ba a buɗe yake gaba ɗaya ba, ba a rufe yake ba, rabi da rabi yake wuni, kamar rezistan da ke canza girmansa da kansa. A wajenka yaro, bolt 8 a raba da rabin am, ya zama kamar rezista mai om 16. Ka taɓa ganin rezistan wat 5, farin nan mai kusurwa huɗu kamar guntun alli? To aikin da za a ba wannan ka ɗora wa abin da bai fi farcen babban yatsa ba.

Direban Dare: Ni ma cajar motata na zafi in na sa waya biyu, ko ita ma 7805 ɗin ne a ciki? Kuma batirin motar yana saurin sauka kwana biyun nan

Ɗalibar Foli: Malam yawancin cajojin mota na yanzu kombata ne a ciki, in ka buɗe za ka ga ƴar koyil. Maganar batir kuma wajen mai wayarin za ka je a duba altaneta, ba nan ba ce

Yaron Shago: Amma Baba abin da ya ɗaure min kai, wat 4 ai ba wani abu ba ne, ƙwan fitilar ɗakina ma wat 9 ne kuma ina taɓa shi. Kuma maganar Oga Mai Sola ta bolt 35 da am 1 na gani a rubuce

Baba Mai Rediyo: An rubuta, amma ba a ce ka haɗa su biyun lokaci ɗaya ba. Bolt 30 a kansa da am 1 wat 30 kenan, ayan ɗin da kake narka dalma da shi ke nan fa. Iyaka ta uku ita ce ba ku karantawa, zafin cikinsa kar ya wuce digiri 125. Kuma wat 4 yawa ne ko kaɗan, ya danganta da ta ina zafin zai fita. Wannan jikin mai ƙafa uku da kunnen ƙarfe, TO-220 ake ce masa, in yana tsaye shi kaɗai a iska kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinsa da digiri 50 zuwa 65, ya danganta da kamfanin da ya yi. Ɗauki 65 ɗin. Wat 4 sau 65 digiri 260 kenan a kan zafin ɗakinka. Ba zai kai can ba, yana haura 150 haka kariyar za ta yanke fita, shi ne tsayawar da fankarka ke yi. Juya lissafin kuma, ɗakin kwano da rana a watan Afirilu mu ce digiri 40, saura 85 kafin 125, raba da 65, wat 1.3 ne kawai zai iya ɗauka tsirara. A batirinka wannan bai wuce am 0.16 ba. Shi ya sa ogan naka yake sa shi babu matsala, na tabbata a ƴan abubuwa masu cin miliam 50 ko 100 ka gan shi yana sawa.

Yaron Shago: Wallahi haka ne, a ɗan allon MP3 yake sawa. To hitsink, ƙarfen da ke janye zafin, wane iri zan nema?

Baba Mai Rediyo: Yi lissafi da ranar da ta fi muni, lokacin da sola ke cika batir yana kai 14.4. Rarar 9.4 sau rabin am, wat 4.7. Digiri 85 ɗin nan a raba da 4.7 ya ba ka 18 a kowane wat, shi ne duk abin da kake da shi daga cikin cif har zuwa iska. Daga ciki zuwa kunnen ƙarfen yana cinye kamar 5, mahaɗar kunne da hitsink in ka shafa farin man nan kamar 1, saura 12. Kuma wannan a bakin iyaka kake, ni zan nemi wanda ya fi haka. A kasuwa ba mai gaya maka lambar hitsink, don haka ka ciro na alminiyam mai haƙora daga mataccen fawa saflai na kwamfuta ko tsohuwar talabijin, ka ɗaure da noti sosai, ka bar haƙoran a tsaye iska na bi. Ƴan ƙananan nan masu kamar murfin kwalba ba za su yi ba. Kunnen 7805 a haɗe yake da ƙafar tsakiya wato giraun, to ko ya taɓa bodi ba komai. Ɗan'uwansa LM317 ne kunnensa ke haɗe da fita, shi sai an sa masa maika a tsakani don ta hana wuta ratsawa.

Mai Sola: Ko kuma mafi sauƙi tunda rarar ce ke kawo zafi, a rage rarar. Nemo batirin fitilar caji na bolt 6 ka sa, rarar 1 kawai, rabin wat, ko hitsink ba ka buƙata. Baba wannan karon dai na faɗi daidai ko

Yaron Shago: Ina da shi kuwa! bari in gwada

Yaron Shago: Oga zafi kam ya tafi, ɗumi kawai yake. Amma fankar ba ta da ƙarfi kamar da, batirin 6.3 yake nunawa, fita kuma 4.5 maimakon 5. Da na cire fankar ya ɗan hau, da na mayar ya sake sauka. Ko na lalata shi da zafin ɗazu?

Ɗalibar Foli: Ba ka lalata shi ba, ka faɗa dirofawut ne. Yaya Mai Sola rabin maganarka daidai ce, ka dai wuce gona da iri

Direban Dare: Dirofawut ba wanda ya bar makaranta ba ne? 😂

Baba Mai Rediyo: Kusan haka ne direba, ya bar aikin da aka sa shi. Koma kan keken nan. Birki rage gudu kawai ya iya, ba ya tura keke. In gangaren ya ƙare ko ka saki birki gaba ɗaya ba za ka sami gudun da kake so ba, kuma ko a sake yake akwai ɗan gogar da yake yi. Taransistan cikin 7805 haka yake, ko an buɗe shi iya buɗewa sai ya riƙe wani abu a kansa. Biyu ne ma a goye da juna, kowanne yana cin kamar 0.6 zuwa 0.7, ga sashen da ke tura su shi ma yana son nasa, ga ɗan rezistan da ke auna am don kariya. In ka tara su a am 1 kusan bolt 2 ne, in lodi ya yi ƙasa yana ɗan raguwa. Wannan mafi ƙanƙantar tazarar da dole shiga ta fi fita da ita kafin ya iya riƙe 5, ita ce dirofawut. Shi ya sa muke cewa 7805 a ba shi 7 zuwa sama, ni 7.5 nake so ko 8. In ka ba shi ƙasa da haka ba ya mutuwa, ba ya zafi, ba ya yin ƙara, sai dai fita ta koma bin shiga a baya da tazarar nan. Kai ka ba shi 6.3 ya riƙe 1.8 ya miƙa maka 4.5. Batirin na sauka 6.0 za ka ga wajen 4.2. Yadda ake gane shi kenan, in shiga ta motsa fita ta motsa tare da ita, to ba ya aikin komai, ya zama kamar diyod uku a jere.

Na Maraɗi: Salamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Baba ni tawa matsalar daban ce amma ina jin dangin wannan ce. Na haɗa wa wani ƙaramin amfilifaya da bulutut, taransifoma mai bolt 9, diyod huɗu, kondensa 1000uF, sai 7805 da hitsink mai kyau. Mita na nuna min wajen 9 a shiga, ya fi 7 nesa ba kusa ba. Amma da an ƙara murya sai sifika ta kama gurnani huuum, da dare in wuta ta yi ƙasa abin ya fi muni har bulutut ɗin ya yanke. Na canza regileta, na canza diyod, shiru

Baba Mai Rediyo: Ba dangi ba ce, ita ce da kanta, ɓuya kawai ta yi maka. Mitarka matsakaici take nuna maka. Abin da ke kan kondensan nan ba a kwance yake ba, hawa yake yana sauka sau 100 a daƙiƙa tunda wutarmu 50Hz ce kuma diyod huɗu ka sa. Taransifoma mai 9 ƙololuwarsa 12.7, diyod biyu su ci 1.4, saura 11.3 a sama. Daga nan kondensa ke ciyar da lodi shi kaɗai har zagaye na gaba, kuma ga kimanin yadda yake zubewa:

```
ΔV ≈ I / (2 × f × C)
ΔV ≈ 0.5 / (100 × 0.001) = 5 V
```

A aikace bai cika kai 5 ba, mu ce 4. To sama 11.3, ƙasa wajen 7, mita ta ce maka 9 ka ji daɗi. A ƙasan nan kana bakin dirofawut, duk lokacin da ya leƙa ƙasa da 7 sai 5 ɗinka ta lotsa, sau 100 a daƙiƙa, shi ne gurnanin da kunnenka ke ji. In wutar gari ta sauka 180 kuwa taransifoman wajen 7 yake bayarwa, sama ta koma 8.5, ƙasa kuma ba a magana. Regileta ba ruwansa da matsakaici, ramin yake gani.

Na Maraɗi: Ikon Allah. To in sa taransifoma mai 12?

Ɗalibar Foli: Fara da kondensa Malam, 4700uF zai mayar da lotsawar wajen bolt 1 a rabin am. Mai 12 zai kai ka kusan 15 a shiga, ka gudu daga gurnani ka faɗa matsalar Yaron Shago

Baba Mai Rediyo: Ƴata ta faɗa. Sai dai a daren da wuta ta kai 180, ko da 4700 ɗin kana wajen 7.5 a ƙasa, da ƙyar ka tsira. Kuma ka duba tsohon kondensan ko ya bushe, na sha cire mai 1000 in auna in ga ko rabi bai kai ba.

Mai Sola: To ai shi ya sa aka yi LDO, su ba sa zafi. Yaro nemi AMS1117 mai 5.0 ka sa a batirin solarka ka huta

Ɗalibar Foli: A'a don Allah kar ya yi haka! LDO ba yana nufin ba ya zafi ba, yana nufin yana iya aiki da ƙaramar tazara. In ka ba shi 13 ka karɓi 5 a rabin am wat 4 ɗin nan dai yana nan, lissafin bai san sunan regileta ba. Kuma AMS1117 ɗan mitsitsi ne da ake mannawa a allo, ya fi 7805 rashin wajen zubar da zafi. Shi ma tazararsa wajen 1.1 ce, ko a batirin bolt 6 ɗin da kaɗan zai tsira in batir ya cika, yana fara sauka shi kenan

Baba Mai Rediyo: In batirin bolt 6 ɗin zai yi amfani da shi, LM2940 mai 5 ne daidai, tazararsa wajen rabin bolt a am 1, saboda taransistan cikinsa PNP ne guda ɗaya da ake iya buɗewa kusan gaba ɗaya. Daga 6.3 rarar 1.3 ce, wat 0.65, zai riƙe maka 5 har batir ya sauko wajen 5.5, lokacin ma ya kamata ka riga ka kashe. Amma yana da sharaɗi, dole kondensa aƙalla 22uF a ƙafar fita kusa da shi, in babu sai ya kama rawa. A nan ne LDO ke da riba, ba wai ya fi sanyi ba, ya ba ka dama ka matso da shiga kusa da fita.

Yaron Shago: Ogana ya shigo na nuna masa, ya ce in sa rezista om 8.2 mai wat 5 kafin regiletan a batirin 12 ɗin, wai haka suke yi tun da

Baba Mai Rediyo: Gaishe shi, dabarar tsofaffi ce kuma tana yi. A rabin am rezistan zai ɗauke bolt 4.1, wat 2 kenan ya koma kansa, regileta ya rage da kamar 2, har yanzu yana son ɗan hitsink. Amma ka lura zafin bai ragu ba, raba shi aka yi gida biyu, batir dai wat 6.5 yake bayarwa fanka na samun 2.5. Kuma ga tarkon, da dare batir ya sauko 12, ka ƙara wani abu lodi ya kai 0.7, rezistan zai ci 5.7, saura 6.3 a ƙafar shiga, ka koma inda ka fito ɗazu da batirin fitila. Fanka ma lokacin tashi ta fi ja.

Ɗalibar Foli: Ni dai a ganina a batirin sola asara ce, kashi 38 cikin ɗari kawai ke isa fanka. Ɗan allon kombata na LM2596 ya saya, ya juya sukurun har mita ta nuna 5 kafin ya haɗa fankar, daga batir wajen 0.25 zai ja maimakon 0.5

Baba Mai Rediyo: Ga fanka na yarda. Ga rediyo ko abin sauti ni har gobe 7805 nake sawa, waɗancan allunan suna shigo min da tsiwa a gajeren zango, tasha ba ta kamuwa da kyau in suna kusa.

Mai Sola: Baba wannan tsohon zance ne, a sa filtar kondensa da koyil a fita shi kenan

Baba Mai Rediyo: Kawo naka shago mu kunna rediyo kusa da shi mu ji.

Na Maraɗi: Na sa 4700 ɗin yanzu, gurnanin ya tafi da rana. Sai dare in wuta ta yi ƙasa zan gani

Yaron Shago: Ni kuma na samo hitsink daga wata matacciyar fawa saflai na ɗaura, minti ashirin kenan fanka ba ta tsaya ba, amma ƙarfen ya yi zafin da ba na iya riƙe shi fiye da daƙiƙa uku. Haka ya kamata ko in nemo babba? Rana ta faɗi ma yanzu, batirin 12.6 yake